Iyakar Asara Mai Bin Numfashin Kasuwa

Mai cinikin kuɗaɗen waje ta intanet, idan ya sayi yuro da dala, yakan bar wa dillali umarni: farashi ya faɗo zuwa kaza, a sayar kawai, asarar ta tsaya nan. Wannan shi ne abin da ake gani a allo da sunan `Stop Loss`. Tambayar da ke kayar da mutane ita ce a ina za a kafa shi. Da yawa sukan zaɓi tazara ɗaya, fif 20 misali, su rubuta ta cikin manhajar da ke yi musu ciniki da kanta, su tafi barci. Fif kuwa shi ne 0.0001 a farashin yuro da dala. Amma ranar da kasuwa ke kwance fif 20 nesa ce, ranar da ta tashi kuwa cikin mintuna kaɗan za a share ta, sannan farashi ya juya ya nufi inda mutum ya yi hasashe tun farko.

A 1978 wani injiniya Ba'amurke, J. Welles Wilder, ya fitar da ma'aunin `Average True Range`, wanda ake taƙaitawa `ATR`. Ba ruwansa da ko farashi zai hau ko zai sauka, girman motsin kawai yake aunawa. A kowane kyandir na jadawali ana duba tazara uku a ɗauki mafi girma: daga ƙololuwa zuwa ƙasa, daga ƙololuwa zuwa inda kyandirin baya ya rufe, da daga ƙasa zuwa wannan rufin. Dabarar tana cikin biyun ƙarshe. A ce jiya kaya sun rufe a 100, yau suka yi ta yawo tsakanin 105 da 108. Mai duba yau kaɗai zai ce motsin 3 ne, alhali tsallen da aka yi cikin dare ya mai da shi 8. Wilder ya ɗauki matsakaicin kyandir 14, kuma har yau yawancin manhajoji da wannan adadin suke zuwa.

Mu ɗauki misali. Manhaja ta sayi `EURUSD` a 1.0850 bisa jadawalin awa ɗaya, `ATR` yana nuna 0.0012, wato fif 12. An ninka biyu, ya zama 24, sai iyakar ta zauna a 1.0826. A MetaTrader 4 layi biyu ne:

```
double atr = iATR(NULL, PERIOD_H1, 14, 1);
double sl  = NormalizeDouble(Ask - 2 * atr, Digits);
```

A lura da lambar 1 da ke ƙarshen layin farko. Ita ke cewa a karanta kyandirin da ya riga ya rufe. In aka sa 0, manhajar za ta auna kyandirin da bai gama ba, wanda a farkon awa kusan ba shi da tsawo, sai iyakar ta matso kusa fiye da kima.

Inda aka fi yin sakaci, a ganina, shi ne girman cinikin. Mai dala 2,000 da ya yarda ya rasa kashi 1 cikin 100 a ciniki guda, dala 20 ke nan. Cikakken lot ɗaya na yuro da dala yana motsa dala 10 a kowane fif, don haka fif 24 dala 240 ne. A raba 20 da 240, a samu lot 0.08. Gobe kasuwa ta yi zafi, `ATR` ya kai fif 24, iyakar ta koma fif 48, dole lot ya sauko 0.04. Manhajar da ke faɗaɗa iyaka ba ta rage lot ba, ta ninka asarar mai ita daidai ranar da haɗari ya fi yawa.

Idan ana so iyakar ta riƙa bin farashi yayin da riba ke ƙaruwa, sharaɗi ɗaya ba ya tsallakuwa: a cinikin saye, sabuwar iyaka tana karɓuwa ne kawai in ta fi tsohuwar tsawo. Ba haka ba, duk lokacin da kasuwa ta rikice sai lissafi ya ja ta baya. Haka kuma a riƙa leƙa shafin `Experts` da `Journal`. Ganin kuskure mai lamba 130 na nufin dillali ya ƙi iyakar, galibi don ta yi kusa da farashi, kuma in manhajar tana buɗe ciniki kafin ta ɗora iyaka, to cinikin yana nan a buɗe ba kariya.

Sai abin da ma'aunin ba zai iya ba. Shi abin da ya wuce yake gani. Ranar 15 ga Janairu, 2015, Babban Bankin Suwizalan ya janye tsarinsa na hana yuro faɗowa ƙasa da faran 1.20. Shekaru uku farashin yana manne kusa da wurin, `ATR` ya ƙanƙance, sai ga shi cikin mintuna ya rufta, aka sayar wa mutane nesa ƙwarai da inda suka kafa iyaka. Umarnin yana ba da tabbacin za a fitar da kai, bai ba da tabbacin a wane farashi ba. Saboda haka kada a zuba wa irin wannan manhaja kuɗin gaske sai an gwada ta a asusun gwaji, an ga lot yana raguwa duk sa'ad da iyaka ta faɗaɗa.