Hular da ta karɓi fuskarka da kunnenka

Yawancinmu idan muka tsaya gaban mai sayar da huluna, a Kasuwar Kurmi ta Kano ne ko a bakin masallacin Juma'a, aikin jikin hular muke fara dubawa: launin zare, cikar ɗinki, da ko za ta shiga da shaddar da muka kai wa tela. Amma abin da ke sa hula ta karɓi mutum ko ta ƙi shi abu biyu ne, tsayinta da wurin da bakinta ya zauna a kai. Aiki ya biyo baya.

Mu fara da tsayi, domin hula ƙari take yi wa tsawon fuska. Mai zagayayyar fuska da cikar kumatu, hula mai tsayi ce tasa, kamar zanna bukar da ta kai inci 4, saboda tana jan ido sama sai fuskar ta yi kamar ta miƙe. Idan ya ɗora gajera wadda ta lafe a kai, irin taɓa-ni-ka-ji-hadisi, faɗin ne zai ƙara fitowa. Mai doguwar fuska da siririyar haɓa kuwa akasin haka yake buƙata, wato hula mai matsakaicin tsayi, wajen inci 3, ko kuma ya karya doguwar ta gaba don ya rage mata tsawo. Doguwar hular nan da aka san marigayi Shugaba Shehu Shagari da ita ta yi masa kyau, amma ba kowane kai ne ke ɗaukarta ba. Mai gemu ma ya tuna cewa gemun ya riga ya ƙara wa fuskarsa tsawo ta ƙasa.

Batun kunne shi ne ba a cika yin maganarsa ba, wataƙila don kunya, alhali a nan aka fi yin kuskure. Mai manyan kunnuwa, ko waɗanda suka buɗe gefe, yakan sayi hular da ta fi kansa girma don ta sauko ta rufe su. Abin da ke faruwa shi ne bakin hular ya danne saman kunnen ya lanƙwasa shi waje, sai abin da ake son ɓoyewa ya ƙara bayyana. Matsattsiyar hula mai tsukewa ta sama ita ma ba ta taimaka masa, domin tana rage faɗin kai, kunnuwa su tsaya su kaɗai a fili. Abin da ya dace da shi hula ce mai kaurin jiki, wadda gefenta ya miƙe tsaye, ta sha sitaci, ta yadda faɗinta zai kusa daidai da inda kunnen ya tsaya. A bar tazarar kamar yatsa ɗaya tsakanin bakinta da saman kunne. Haɓar kada ce kawai aka ɗinka don ta sauko kan kunne, ita kuwa ba kowane taro ake shiga da ita ba. Mai ƙananan kunnuwa da suka lafe ba shi da wannan damuwa, sai dai ya guji hula mai faɗin da zai haɗiye masa kai.

A ɗauki misalin mutum mai zagayayyar fuska da kunnuwa a buɗe. Ya karɓi tef ɗin tela ya zagaya kansa daga tsakiyar goshi, ta saman kunne, zuwa tudun ƙeya, ya sami inci 22 da rabi. Lamba 22 za ta matse shi ta bar masa shaida a goshi, lamba 23 kuma tana iya zamewa ta hau kunne, musamman ranar da ya yi aski. Mafitarsa ya nemi mai 22 da rabi. In babu, ya ɗauki 22 mai tsayi da kaurin jiki ya kai wa mai wankin hula ya ɗan buɗa ta a kan gungumen da suke ɗora huluna, domin buɗa hula ya fi tsuke ta sauƙi. Ya kuma faɗa masa lambarsa a duk wanki, don gungumen da ya yi girma yakan saki bakin hula har ta daina zama.

Kafin ka biya kuɗi, ɗora ta ka dubi madubi ta gaba da ta gefe, sannan ka sunkuya kamar za ka yi ruku'u. In ta zame ko ta taɓa kunne, mayar wa mai ita ka nemi wata, ko da aikinta ya burge ka.