Jadawali huɗu da ke riƙe da lissafin taro

Masu shirya bita ko taron ƙara wa juna sani sukan fara da takarda guda ta Excel: suna, lambar waya, sunan taro, ya biya ko bai biya ba, ya zo ko bai zo ba. A taron farko takardar tana aiki lafiya lau. Matsala tana kunno kai ne a taro na biyu da na uku, lokacin da mutum ɗaya ya bayyana a layi uku, an rubuta shi Muhammad a nan, Mohammed a can, Muhammadu a wani wurin. Ya canza lambar waya, an gyara a layi ɗaya an manta da sauran. Ranar raba kuɗin mota da takardar shaidar halarta sai a rasa wane layi ne na gaskiya.

Maganin wannan ruɗani ya girmi yawancin masu fama da shi. A shekarar 1970 Edgar F. Codd, masani a kamfanin IBM, ya gabatar da tsarin ajiye bayanai a jadawali daban-daban masu alaƙa da juna. A kan tunaninsa aka gina rumbunan bayanai irin su PostgreSQL da MySQL da SQLite, waɗanda ake ba su umarni da harshen SQL. Ƙa'idar da masu wannan aiki suke bi ita ce a rubuta kowane bayani sau ɗaya a wuri ɗaya, duk wanda ke bukatarsa ya nuna shi da lamba.

A ɗauki misalin wata ƙungiya da ke shirya bita ta kwana uku a Kano, zauren yana ɗaukar mutum 300, ƙofofin shiga biyu ne. Jadawali na farko, taro, yana ɗauke da abin da ya shafi taron kaɗai: sunansa, wurinsa, ranar farawa da ta gamawa, da yawan kujeru. Na biyu, mahalarci, yana ɗauke da abin da ya shafi mutum kaɗai: sunansa da lambar wayarsa. Kowane layi a jadawalan yana da lambar shaida wadda ba ta maimaituwa. A ce bitar ta samu lamba 7, wata malama da ta nemi shiga ta samu lamba 41.

Wani zai ce me ya hana a yi amfani da lambar waya a matsayin shaidar mutum? Abin da ya hana shi ne mata da miji sukan yi tarayya a waya ɗaya, shugaban ƙungiya yakan yi wa membobinsa goma rajista da lambarsa, layi kuma yakan ɓace a sayi sabo. Lambar da rumbun ya bayar da kansa ita ce ba ta canzawa. Ita kuma lambar wayar, a ajiye ta a matsayin rubutu, domin idan aka ɗauke ta a matsayin adadi sifilin farko zai ɓace, kamar yadda yake ɓacewa a Excel. Ya fi kyau ma a rubuta ta da lambar ƙasa, +234 ga Najeriya, +227 ga Nijar, don baƙin da suka zo daga Maraɗi ko Damagaram kada lambobinsu su rikice.

Jadawali na uku shi ne zuciyar aikin, kuma shi sabon shiga ya fi tsallakewa. Mutum ɗaya yana iya halartar taruka da yawa, taro ɗaya kuma yana tara mutane da yawa. Idan aka saka gurbin taro a jadawalin mahalarci, malamar nan ba za ta iya shiga taro na biyu ba sai an goge na farko ko an sake rubuta ta. Idan aka jera sunayen mahalarta a cikin layin taro, neman mutum ɗaya zai zama wahala. Gaskiyar magana ita ce rajista abu ne mai zaman kansa. Tana da ranar da aka yi ta, tana da matsayi, tana da tikiti, kuma duk waɗannan ba na mutumin ba ne shi kaɗai, ba na taron ba ne shi kaɗai, na haɗuwarsu ne.

```sql
CREATE TABLE rajista (
  id           INTEGER PRIMARY KEY,
  taro_id      INTEGER NOT NULL REFERENCES taro(id),
  mahalarci_id INTEGER NOT NULL REFERENCES mahalarci(id),
  matsayi      TEXT NOT NULL,
  tikiti       TEXT NOT NULL UNIQUE,
  UNIQUE (taro_id, mahalarci_id)
);
```

Da malamar ta cike fom, sai a samu sabon layi, a ce mai lamba 902, wanda ke cewa mahalarci 41 yana cikin taro 7. Ba a sake rubuta sunanta ba, ba a sake rubuta sunan bitar ba. Kalmar `REFERENCES` tana hana a yi rajista ga taron da babu shi ko mutumin da ba a sani ba. Layin ƙarshe kuwa yana hana a haɗa 7 da 41 sau biyu. Wannan yana da amfani ƙwarai a inda intanet ke yawan tsinkewa: mutum ya danna maɓallin aikawa, shafi ya tsaya cik, ya sake dannawa har sau uku. Rumbun zai karɓi na farko ya ƙi sauran. Masu amfani da SQLite su lura cewa shi ba ya tilasta dokar `REFERENCES` sai an kunna ta da umarnin `PRAGMA foreign_keys = ON`.

Dokar tana da iyaka. Lambobi take kwatantawa, ba ta san fuska ba. Idan an shigar da malamar sau biyu a jadawalin mahalarci, ta zama 41 kuma ta zama 188, rumbun zai ɗauka mutum biyu ne ya ba kowacce tikiti. Don haka kafin a buɗe wa mutum sabon layi, manhajar ta fara bincika lambar wayarsa, ta nuna sunayen da ke kanta, ta tambaya ko yana cikinsu. Tikitin kuma a haɗa shi da haruffa da lambobi barkatai. Idan 902 aka buga a kai, mai wayo zai gane cewa akwai 903.

Kujera ta ƙarshe ma tana da nata tarko. An kai 299, mutum biyu suka aiko da fom a daƙiƙa ɗaya. Manhajar ta ƙirga wa na farko ta ga saura ɗaya, ta ƙirga wa na biyu kafin a rubuta na farko ta sake ganin saura ɗaya, sai aka wayi gari da mutum 301. Wannan kuskure ba ya fitowa lokacin gwaji, domin mai gwajin shi kaɗai ne ke dannawa. A PostgreSQL ana toshe shi ta hanyar kulle layin taron da `SELECT ... FOR UPDATE` kafin a ƙirga, a riƙe makullin har a gama rubuta rajistar. Na biyun zai jira ɗan lokaci kaɗan, ya tarar an cika, a saka shi a jerin masu jira.

Sai ranar taro. Hanya mafi sauƙi ita ce a ƙara gurbi ɗaya a rajista, ya zo ko bai zo ba, kuma ga taron awa biyu hakan ya wadatar. Bita ta kwana uku ta fi ƙarfinsa. Malamar ta zo ranar farko da ta uku, ba ta zo ta biyu ba, to me za a rubuta? Ga kuma fita sallar Azahar da La'asar, inda rabin zaure zai fita ya dawo. Shiga abu ne da ke faruwa sau da yawa, saboda haka yana bukatar nasa jadawalin.

```sql
CREATE TABLE shiga (
  id         INTEGER PRIMARY KEY,
  rajista_id INTEGER NOT NULL REFERENCES rajista(id),
  lokaci     TIMESTAMPTZ NOT NULL,
  kofa       TEXT NOT NULL
);
```

A lura cewa shiga tana nuni ga rajista, ba ga mutum kai tsaye ba. Hakan yana nufin ba za a iya rubuta shigar wanda bai yi rajista ba, kuma lamba ɗaya ta isa ta faɗi wane ne da wane taro. Wanda ya zo ba tare da rajista ba, a yi masa ita nan take a bakin ƙofa sannan a shigar da shi. Nau'in `TIMESTAMPTZ` na PostgreSQL yana kiyaye ainihin lokacin ko da wanda ke duba rahoton yana Accra, inda agogo ke bayan na Kano da awa ɗaya. Idan wayar mai tsaron ƙofa ta rasa intanet ta tara bayanan sai yamma ta tura, lokacin da aka duba tikitin za a rubuta, domin shi ne ke nuna wanda ya makara.

Amfanin wannan tsari yana fitowa wajen ƙirga. A ce tikitin malamar an duba shi sau biyar: da safe da bayan Azahar da bayan La'asar a ranar farko, da safe da bayan Azahar a rana ta uku. Wanda ya ƙirga layuka zai ce mutum biyar ne suka zo, kuma alamar wannan kuskure ita ce a ga yawan masu halarta ya zarce yawan masu rajista. Daidai shi ne a ƙirga kowace rajista sau ɗaya:

```sql
SELECT COUNT(DISTINCT s.rajista_id)
FROM shiga s
JOIN rajista r ON r.id = s.rajista_id
WHERE r.taro_id = 7;
```

Daga layukan nan biyar ana iya sanin cewa kwana biyu ta halarta, don haka kuɗin motar kwana biyu ne nata, kuma idan sharaɗin takardar shaida kwana uku ne ba ta cika ba. Ana iya ganin wani abu dabam ma. Tikiti ɗaya da aka duba a ƙofar gabas da ƙarfe 9:02 sannan a ƙofar yamma da 9:03 yana nuna an tura hotonsa ga wani ta WhatsApp. Gurbin "ya zo" guda ɗaya ba zai taɓa tona wannan ba.

Idan mutum ya fasa zuwa, hannu yakan yi saurin goge layinsa, amma gogewa tana tafiya da tarihin biyan kuɗi, kuma idan ya riga ya shiga sau ɗaya dokar `REFERENCES` za ta ƙi. Abin da ya dace shi ne a mayar da matsayi zuwa "soke", ƙirgan kujeru kuma ya tsallake irin waɗannan layuka. Idan ya sake shawara, tsohon layin za a farfaɗo, tunda ba a yarda 7 da 41 su sake haɗuwa a sabo ba. Haka nan idan wani ya nemi a cire bayanansa, haƙƙin da dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta tanada, sai a share suna da lambar waya a jadawalin mahalarci kaɗai. Lamba 41 za ta zauna babu suna, rajistarta da shigarta biyar suna nan, jimillar masu halartar bitar kuma ba za ta ragu ba.