Allon da ke Sabunta Kansa: Yaushe Aka Auna Abin da Yake Nunawa?

Ranar Alhamis, 14 ga Agusta, 2003, da ƙarfe 2:14 na rana, manhajar da ke yi wa ma'aikata ƙararrawa a ɗakin lura da wutar lantarki na kamfanin FirstEnergy, a jihar Ohio ta Amurka, ta daskare. Allunan ba su mutu ba, kuma babu wani rubutu da ya fito ya ce an samu matsala. Jerin gargaɗin ne kawai ya daina ƙaruwa, ma'aikatan kuwa suka ɗauki shirun a matsayin lafiya. Daga ƙarfe 3:05 manyan layukan wuta suka fara taɓa bishiyoyi suna katsewa ɗaya bayan ɗaya. Maƙwabtan kamfanoni suna bugo waya suna tambaya, su kuma mutanen ɗakin suna duban allon da bai nuna musu sabon gargaɗi ba. Allunan da suka saba sabuntawa cikin daƙiƙa 1 zuwa 3 sun koma ɗaukar har daƙiƙa 59. Fiye da awa guda aka yi kafin su gane cewa ƙararrawar ba ta aiki.

Jim kaɗan bayan ƙarfe 4, wuta ta ɗauke wa mutane kimanin miliyan 50 a arewa maso gabashin Amurka da lardin Ontario na Kanada. Rahoton da gwamnatocin biyu suka fitar a watan Afrilun 2004 ya lissafa dalilai da dama, ciki har da rashin sare bishiyoyi, amma ya sanya rashin sanin halin da ake ciki a wancan ɗaki cikin manyansu.

Irin wannan allo, wato dashbod, yanzu ya shiga ofisoshi da asibitoci da shaguna. Yana nuna cinikin yini, ko yawan man da ya rage a tanki, ko sanyin ɗakin ajiye magani, kuma yana sabunta kansa ba sai an taɓa shi ba. A nan haɗarin yake. Mutumin da ya buga rahoto a takarda ya san ranar da ya buga shi. Wanda yake kallon allo mai sabunta kansa kuwa ya riga ya sakankance cewa abin da yake gani na yanzu ne. Idan bayanai suka daina shigowa, lambar ƙarshe tana nan zaune daram, da launinta mai kyau, ba ta da wata alamar tsufa. Maganin abu biyu ne: allon ya rubuta lokacin da aka samu bayanin, kuma ya yi gargaɗi da kansa idan bayanin ya tsufa. Sai dai ana yawan yin kuskure a duka biyun.

A ɗauki misalin ɗakin sanyi na ajiye alluran rigakafi, waɗanda galibinsu ake son su zauna tsakanin digiri 2 zuwa 8 a ma'aunin Selsiyos. A ce akwai na'urar awo a cikin ɗakin, tana aika sakamako zuwa sabar ta intanet duk bayan minti 5. A ofishin mai lura kuma akwai allo da ke tambayar sabar sabon labari duk bayan daƙiƙa 30. Da ƙarfe 9:00 na dare na'urar ta aika digiri 5. Minti biyu bayan haka wuta ta ɗauke a gefen ɗakin sanyin, janareto bai tashi ba, akwatin intanet ɗin da na'urar ke bi ya mutu.

Sabar tana wani gari, ba abin da ya same ta. Duk lokacin da allon ya tambaye ta, sai ta miƙa masa awon ƙarshe da take da shi, wato digiri 5. Idan mai rubuta manhajar ya sa allon ya nuna lokacin da ya karɓi amsa, to da ƙarfe 11:40 mai lura zai ga an rubuta masa cewa an sabunta da ƙarfe 11:40, digiri 5, komai kore. A gaskiya awon ya kai awa 2 da minti 40 da tsufa, kuma ɗakin yana ta ɗumama tun ɗazu. Kamar mutum ne ya sayi jaridar shekaranjiya yau da safe, ya riƙa ɗaukar ranar da ya saya a matsayin ranar da aka buga ta.

Lokuta uku ne ke cikin wannan tafiya: lokacin da aka yi awon, lokacin da sabar ta karɓe shi, da lokacin da allon ya ɗauko shi. Na farkon ne ya shafi mai lura. Don haka dole kowane awo ya taho da lokacinsa manne da shi tun daga na'urar, kuma shi za a rubuta kusa da lambar: “Awon ƙarshe: 9:00 na dare, awa 2 da minti 40 da suka wuce.” Ana rubuta duka biyun ne da gangan. Shekarun bayanin, wato tsawon lokacin da ya wuce, shi ne abin da ido ke kamawa nan take. Ainihin ƙarfen kuma shi ne ke da amfani idan an ɗauki hoton allon an tura wa wani a waya, domin “minti 3 da suka wuce” ba ta da ma'ana ga wanda ya buɗe hoton gobe da safe.

Idan allo ɗaya yana haɗa bayanai daga wurare da yawa, kowane akwati yana bukatar lokacinsa. Firji uku ba sa tsufa tare. Idan kuma dole sai an rubuta lokaci ɗaya a sama, na wanda ya fi daɗewa bai aiko ba za a rubuta.

Sai tambayar yaushe bayani ya zama tsoho. Amsar tana fitowa daga tazarar aikawa. Na'urar da ke aikawa duk minti 5 tana iya rasa zagaye ɗaya saboda sabis ya yi rauni, kuma idan allo ya yi ihu a kan kowane irin wannan, cikin mako guda mutane za su daina kula shi. Dabarar da aka saba ita ce a ninka tazarar sau biyu, a ƙara ɗan rara saboda jinkirin hanya: minti 5 sau biyu 10 ke nan, a ƙara 2, ya zama 12. Da awo ya wuce minti 12, sai allon ya fito da gargaɗi mai ruwan ɗorawa. Mataki na biyu, mai ja, ba daga na'ura ake samo shi ba. Masu aikin ne za su faɗi tsawon lokacin da za su iya zama ba su san halin ɗakin ba kafin ɓarna ta fara, a ce minti 30. Da wannan tsari, mai lura a misalinmu zai ga gargaɗin farko da ƙarfe 9:12, na biyu da 9:30, lokacin da har yanzu ana iya tayar da janareto ko a kwashe alluran zuwa akwatunan sanyi.

Gargaɗin ba launi kaɗai ba ne, domin akwai mutane da yawa, musamman maza, da ba sa bambance ja da kore sosai. A rubuta shi da kalmomi: “Babu sabon awo tun 9:00. Kada a dogara da wannan lamba.” Lambar kanta a dusashe ta zuwa ruwan toka, amma a bar ta, domin awon ƙarshe yana taimaka wa mai bincike. Abin da ba a yi ko kusa shi ne a mayar da ita sifili. Sifili awo ne mai ma'ana a ɗakin sanyi, yana nufin allurai na dab da daskarewa, wanda ke lalata irin su ta ciwon hanta nau'in B. Haka kuma a kan zanen da ke nuna hawa da saukar zafi, a bar giɓi a wurin da awo bai zo ba, maimakon a ja miƙaƙƙen layi ya haɗe bakin biyu.

Kuskure na biyu ya fi ɓuya. Wasu suna sa lissafin tsufan a cikin ɓangaren manhajar da ke aiki bayan amsa ta iso daga sabar. To idan intanet ɗin ofishin ne ya yanke, amsa ba za ta iso ba, lissafin ba zai gudana ba, gargaɗin kuma ba zai taɓa fitowa ba. Dole mai ƙidayar ya zama yana tafiya shi kaɗai. A harshen JavaScript, layuka huɗu sun isa:

```js
setInterval(() => {
  const age = Date.now() - lastReadingAt;
  banner.hidden = age < 12 * 60 * 1000;
}, 1000);
```

Duk daƙiƙa ɗaya, wannan yana cire lokacin awon ƙarshe daga lokacin yanzu, ya ɓoye gargaɗin muddin bambancin bai kai minti 12 ba. Ba ya jiran sabar. Ita kuwa `lastReadingAt` ba a canza ta sai sabon awo na gaskiya ya iso.

Wannan lissafi ya dogara da agogon kwamfutar mai kallo, wanda ba koyaushe yake daidai ba. Idan agogon yana baya da minti 10, awon da ya yi minti 20 zai bayyana kamar mai minti 10, gargaɗin ya makara. Shi ya sa ƙwararru ke sa sabar ta turo nata lokacin tare da kowace amsa, allon ya gyara bambancin. Ana kuma ajiye lokaci a ma'aunin duniya na UTC, a rubuce kamar `2024-03-05T20:00:00Z`, sannan a juya shi zuwa agogon mai kallo. Wannan ƙarfe 9:00 na dare ne a Kano da Maraɗi, amma 8:00 ne a Kumasi. Akwai kuma halin burauza: domin tattalin batir, Chrome tana rage gudun masu ƙidaya a shafin da aka bari a ɓoye, har zuwa sau ɗaya a minti. Saboda haka ana sauraren alamar `visibilitychange`, ta yadda da zarar an dawo kan shafin za a sake lissafi a kuma nemi sabon bayani nan take.

Akwai iyaka ga abin da wannan gargaɗi zai iya. Yana faɗin tsufan awo, ba ya faɗin ingancinsa: na'urar da ta lalace tana iya ci gaba da aika digiri 5 a kan kari. Kuma yana bayyana ne a kan allo, don haka idan babu kowa a ofis da dare, sai an haɗa shi da saƙon tes ko kiran waya daga sabar.

Gwada shi ba ya bukatar injiniya. A cire wa na'urar awo wuta, a duba agogo: gargaɗi ya fito minti 12 bayan awon ƙarshe. A mayar da ita, sannan a yanke intanet ɗin kwamfutar da ke nuna allon, a sake jira. Daga nan a bar shafin a ɓoye na rabin awa, a dawo a ga ko lokacin da ke rubuce ya yi daidai. Duk ofishin da zai karɓi sabon dashbod daga hannun ɗan kwangila yana iya yin waɗannan gwaje-gwaje uku a gabansa cikin awa ɗaya da 'yan mintoci, kafin a sa hannu a takardar biya.