Yadda ake rubuta ƙorafin saɓa ƙa'ida da hukuncin shugaba a bayanin taro

Ƙorafin saɓa ƙa'ida shi ne mamba ya miƙe ana tsakiyar taro ya ja hankalin shugaba cewa an kauce wa dokar ƙungiya. Yana da damar katse mai magana, ba ya kuma buƙatar wani ya mara masa baya. Shugaba ne ke yanke hukunci nan take, ko ya karɓa ko ya ƙi. Littafin dokokin taro na Henry Robert, wanda ya fara fitowa a Amurka a 1876, ya tanadi a shigar da kowane irin wannan ƙorafi cikin bayanin taro, an karɓa ko an ƙi, tare da dalilin shugaba.

Abin da sakatare ke nema kaɗan ne: wanda ya yi ƙorafin, dokar da ya ce an taka, hukuncin da aka yanke da dalilinsa. A ɗauka ƙungiyar manoma ce ke zama, tsarin mulkinta kuwa ya ce a sashe na 9 sai an ba da sanarwar kwana 7 kafin a kawo maganar kashe kuɗin da ya haura naira 500,000. Wani ya gabatar da ƙudurin sayen taki na naira 800,000, ma'aji ya ce ba a sanar ba, aka yi ta ka-ce-na-ce har minti ashirin. Duk da tsawon muhawarar, abin da zai shiga littafi bai wuce wannan ba:

"Ma'aji ya yi ƙorafin cewa ƙudurin ya saɓa wa sashe na 9, domin ba a ba da sanarwar kwana 7 ba. Shugaba ya karɓi ƙorafin saboda kuɗin ya haura naira 500,000, ya kuma ce ba za a duba ƙudurin a wannan zama ba."

Dalilin shugaba shi ne abin da aka fi mantawa, alhali shi ya fi amfani. Idan irin wannan magana ta sake tasowa baɗi, a kansa sabon shugaba zai dogara. "Shugaba ya ƙi" kawai ba ya nuna ko dokar ce ba ta shafi batun ba, ko kuwa mai ƙorafin ne ya makara.

In mamba bai gamsu ba, yana iya neman taro ya sake duba hukuncin, amma a nan sai wani ya goya masa baya. Sakatare ya rubuta wanda ya nema da sakamakon ƙuri'a. A tsarin Robert, ko ƙuri'u sun zo daidai wa daida, hukuncin shugaba na nan daram.

Sakataren da ya ga rubutunsa ya cika da "sai wane ya ce, sai wane ya mayar masa" ya san ya zarce. Kalmomi irin su "cikin fushi" ko "ba gaira ba dalili" ra'ayinsa ne, kuma su ke tayar da sabuwar rigima ranar da za a karanta bayanin don amincewa da shi.