Turmi ɗaya, masu saye biyu

A ce wata 'yar kasuwa a Kano tana sayar da atamfa ta shafinta na intanet, sallah ta ƙarato, kuma wani zane da ake rububinsa saura turmi ɗaya kacal a sito. Da daddare mata biyu, ɗaya a Kaduna ɗaya a Katsina, suka danna maɓallin saye kusan a daƙiƙa guda. Kowacce ta biya, kowacce ta samu saƙon cewa an karɓi odarta. Gari na wayewa mai kanti ta tarar da oda biyu da kuɗin mutum biyu, atamfa kuwa guda ɗaya. Dole ta kira ɗayarsu ta ba ta haƙuri, wadda aka kira ɗin kuma da wuya ta yarda ba son kai aka nuna mata ba.

Ba wanda ya yi ha'inci a nan. Matsalar tana cikin yadda manhajar kantin take aiki. Idan oda ta shigo, abu biyu take yi bi da bi: ta leƙa rumbun bayanai ta ga nawa ya rage, sannan ta rage ɗaya. Tsakanin leƙawa da ragewa akwai ɗan lokaci, wanda sau da yawa bai kai ƙiftawar ido ba. To amma kwamfutar tana sauraron mutane da dama a lokaci guda. Odar Kaduna ta leƙa, ta ga turmi ɗaya. Kafin ta rage, odar Katsina ta leƙa, ita ma ta ga ɗaya, domin har yanzu ba a taɓa lissafin ba. Duk biyun suka wuce da hujjar cewa akwai kaya.

Abin da yake biyo baya iri biyu ne, kuma yana da kyau mai kanti ta san bambancinsu. Idan kowace oda ta cire ɗaya daga abin da ke rubuce, lissafi zai koma -1, wannan kuwa da gani an san da matsala. Wanda ya fi ɓoyuwa shi ne idan kowacce ta yi nata lissafin a gefe, ɗaya a cire ɗaya saura sifili, ta rubuta 0. Ta biyu ta sake rubuta 0 a kan na farko. Lissafin kaya ya fito tsaf, ba alamar komai, sai an ƙirga ododin da aka biya an gwada da abin da ya fita daga sito kafin a gane.

Maganin da masu rubuta manhaja suke amfani da shi shi ne a haɗa leƙawa da ragewa su zama aiki ɗaya da ba a iya ratsa tsakiyarsa. Ga misalin umarnin da ake ba rumbun bayanai:

```sql
UPDATE kaya SET saura = saura - 1
WHERE lamba = 42 AND saura > 0;
```

Ma'anarsa: a rage ɗaya daga kaya mai lamba 42, amma sai idan abin da ya rage ya fi sifili. Rumbun bayanai yana kulle layin wannan kaya yayin da yake gyara shi, don haka oda ta biyu sai ta jira. Idan aka zo kanta, saura ya riga ya zama 0, sharaɗin bai cika ba, sai rumbun ya amsa cewa bai canza layi ko ɗaya ba. Da wannan amsa manhaja take gaya wa matar Katsina cewa kaya sun ƙare, tun kafin kuɗinta ya fita.

Wannan ya raba gardamar wa ya riga wa. Saura tambayar da ta fi wuya: yaushe za a ɗauka cewa turmin ya zama na mutum? Idan aka ce tun daga sa shi a kwando, masu kallo da ba su da niyyar saye za su tare kaya su tafi, kanti ya nuna babu alhali yana nan. Shi ya sa a yawancin manyan kantunan intanet, sa abu a kwando ba ya riƙe maka shi. Idan kuma aka ce sai kuɗi ya shigo, to duk tsawon lokacin da mutum yake buɗe manhajar banki yana jiran lambar tabbatarwa, wani na iya biyan kuɗin kayan nan.

Tsaka-tsakin shi ne ajiya ta ɗan lokaci, kwatankwacin yadda ɗan kasuwa a Kantin Kwari zai ture maka kaya gefe ya ce zai jira ka zuwa la'asar, in ba ka dawo ba ya mayar kan kanta. Kantin da ke aiki da wannan tsari yana riƙe da lambobi uku: abin da ke sito, abin da aka ajiye wa masu shirin biya, da abin da ya rage na sayarwa, wato na farko a cire na biyu. Da matar Kaduna ta shiga shafin biya, sito yana nan a 1, ajiya ta zama 1, na sayarwa ya koma 0. Idan ta biya, ajiyar ta tabbata har a fitar da kaya. Idan wa'adi ya cika ba ta biya ba, a soke odar, turmi ya dawo kasuwa. A manhajar WooCommerce, wadda ƙananan kantuna da yawa suke amfani da ita, akwai wurin saita wannan mai suna `Hold stock (minutes)`, kuma da minti 60 take zuwa. A ganina awa guda ta yi yawa ga kayan da ake rububi a jajibirin sallah, amma gajarta ta fiye da kima na da nata haɗarin.

Haɗarin kuwa mu nan mun fi kowa saninsa, saboda yawan biya ta tiransifa. A ce an ba da minti goma sha biyar. Matar Kaduna ta tura kuɗi a minti na goma sha huɗu, an cire mata, amma sanarwar ba ta iso kanti ba sai bayan minti ashirin. Kafin nan wa'adi ya ƙare, turmi ya koma kasuwa, matar Katsina ta saye shi bisa ƙa'ida. An koma gidan jiya ke nan. Kantin da aka gina da kyau ba ya amincewa da kuɗin da ya makara ido rufe: zai sake duba ko kayan na nan, in suna nan ya tabbatar da oda, in babu ya sanar da mai saye nan take a fara mayar mata da kuɗinta. Wa'adin ajiya kuma ya kamata ya ɗan zarce wa'adin da aka ba mai saye na biya, don a bar wa sanarwar banki hanya.

Duk wannan yana aiki ne idan lissafin guda ɗaya ne. Mai kantin da take sayarwa a shago, da WhatsApp, da shafin intanet, idan yaron shago ya miƙa wa wani turmin da rana bai shigar ba, manhaja za ta ci gaba da ganin 1 har dare. Ga ƙananan 'yan kasuwa ta nan ɓarakar ta fi fitowa. Wasu sukan ware wa shafin intanet nasa kason daban da ba a taɓawa a shago, wasu kuma su sa shafin ya nuna kaya sun ƙare tun saura ɗaya ko biyu a sito. Dabarar ta biyu tana hana cinikin turmin ƙarshe ta intanet, sai dai a sayar da shi hannu da hannu ga wanda ya zo shago.