Kafin Ka Ba Sabon Abokin Ciniki Bashin Kaya

Wani ya kira ka a waya, ya ce yana da shago a Kaduna, yana son buhun shinkafa ashirin, zai biya rabi yanzu, sauran bayan mako guda. Kada ka yi saurin ɗora kaya a mota.

Fara da neman cikakken sunan kasuwancinsa da lambar rajista, wadda ke farawa da RC ko BN. Shiga shafin hukumar CAC ta wayarka, ka rubuta sunan a wurin bincike, kyauta ne. Duba ko sunan da lambar sun dace da juna. Sai dai rajista ba ta nuna gaskiyar mutum, domin ɗan damfara na iya aron sunan kamfanin wani. Haka kuma 'yan kasuwa nagari da yawa ba su taɓa yin rajista ba.

Shi ya sa na fi yarda da ganin ido. Tura ɗan'uwa ko direban da ka sani ya je adireshin ba tare da sanarwa ba. Ya ga ko akwai kaya a shagon, ya tambayi maƙwabta tun yaushe mutumin yake wurin, ya kuma nemi shugaban layin ko na ƙungiyar 'yan kasuwar. Wanda ya ce shagonsa na nan amma kullum sai dai ku haɗu a tasha, akwai lauje cikin naɗi.

Idan ya turo rabin kuɗin, buɗe asusunka ka ga sun shiga, kada ka dogara da hoton rasit. Sunan mai turowa ya dace da wanda ya ba ka. In bai dace ba, riƙe kayanka har ya yi bayani.