Izinin kwamiti da izinin masu wuri

A ƙarshen yawancin rahotannin bincike na jami'a akwai wasu 'yan layuka da mai karatu kan tsallake. A nan ne mai binciken ke shaida cewa kwamitin ɗa'ar bincike ya duba aikinsa ya amince, ya kawo sunan kwamitin da lambar takardar, ya ƙara da cewa waɗanda ya zanta da su sun yarda. Idan binciken kan farashin hatsi ne, wannan ya wadatar. Idan kuwa ya shafi wuri mai tsarki ko bikin da ba kowa ake bari ya gani ba, layukan nan suna ɗauke da amanar mutanen da ba su da kujera a kwamitin.

A Ostireliya aka ga abin da sakaci a nan ke jawowa. A 1940 wani mai nazarin al'adu, Charles Mountford, ya zauna da mutanen Pitjantjatjara a hamadar tsakiyar ƙasar. Dattawansu suka kai shi wurarensu masu tsarki, suka nuna masa kayan ibada da zane-zanen da a wurinsu mazan da aka shigar cikin sirrin ne kaɗai ke da ikon gani. A 1976 ya fitar da littafi da hotuna da bayanan waɗannan abubuwa. Shugabannin al'ummar suka garzaya kotun ƙoli ta Yankin Arewa, suna tsoron kada littafin ya faɗa hannun mata da yara da samarin da ba a shigar ba, tsarin zamansu ya rushe. Mai shari'a Muirhead ya hana sayar da littafin a yankin, bisa hujjar cewa a asirce aka ba Mountford ilimin. Abin lura shi ne marubucin da kansa ya sa gargaɗi a farkon littafin cewa a tuntuɓi dattawa kafin a yi amfani da shi inda al'adar ke raye. Wannan gargaɗi ya zama shaida a kansa cewa ya san sirri ne. An yarje masa ya gani, amma ba wanda ya yarje masa ya buga, kuma tsakanin gani da bugawa shekara 36 ta wuce.

Saboda haka bayanin amincewa na ƙwarai a yau yakan raba izini gida-gida. Akwai na kwamitin jami'a, wanda a Ostireliya ke auna irin wannan aiki da ƙa'idar ɗa'a da cibiyar AIATSIS ta fitar a 2020. Akwai na shiga ƙasar, da majalisar filaye ta 'yan asalin yankin ke bayarwa. A Yankin Arewa kuma dokar wurare masu tsarki ta 1989 ta mai da shiga irin wannan wuri ba da izini ba laifi. Sai na masu riƙon wurin, wanda a ganina shi ne ginshiƙi, kuma shi aka fi yi wa riƙon sakainar kashi.

Wahalarsa ita ce gano wa ke da bakin magana. Shugaban gari yana iya sa hannu alhali wurin na wata zuriya ce. Namiji ba ya ba da izini kan sirrin mata, komai girmansa. Shi ya sa bayanin da ya ce kawai "al'umma ta amince" bai faɗi komai ba. Ya kamata a ga cewa masu riƙon wurin ne aka tambaya, da harshensu, kuma mace ce ta zanta da mata, ita ce kuma ke ajiye abin da suka faɗa.

Daga nan bayanin zai faɗi abin da aka bari a waje: ba a sa taswira ko lambobin da za su kai baƙo wurin ba, ba a ɗauki hoton sashen bikin da aka killace ba, an mayar wa dattawa rubutun sun karanta sun cire abin da suka ga dama kafin a buga. Mujallu da yawa yanzu suna neman a buɗe bayanan bincike ga kowa, don haka dole mai binciken ya rubuta ƙarara cewa waɗannan ba za a buɗe su ba, ya faɗi inda aka ajiye sauti da hotuna, da wanda ke da ikon cewa a saurara.

Sai batun lokaci. Dattijon da ya yarda bana yana iya rasuwa baɗi, kuma a al'ummomi da dama na can akan daina ambaton sunan mamaci da nuna hotonsa na wani tsawon lokaci. Don haka bayanin yakan nuna cewa masu wurin na da ikon janye yardarsu, ya kuma ambaci ƙungiyarsu da za a koma wa idan za a sake buga aikin ko a ɗora shi a intanet.